Sharhi kan shirin biyan kuɗi na YouTube: yawan kallo ba shi ne yawan kuɗi ba

Tunda aka karɓi tashata a YouTube Partner Program, tambayar da aka fi yi min ita ce nawa ake biya a kan kallo dubu. Gaskiyar magana, babu tsayayyen farashi.

Sharuɗɗan shiga dai a fili suke, kuma nan na yaba musu. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 da suka wuce, ko kuma mabiyan nan 1,000 da kallon Shorts, wato gajerun bidiyo, miliyan 10 cikin kwana 90. Abin da aka kalla a jerin Shorts ba ya shiga lissafin awa 4,000 ɗin, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Bayan an karɓe ka, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo naka ne.

Lambar da nake dubawa a YouTube Studio, shafin da mai tasha ke ganin alƙaluman tasharsa, ita ce RPM, wato abin da ya rage maka a kan kowane kallo dubu bayan kamfanin ya cire nasa. A ce a Disamba an kalle ka sau 200,000, RPM ɗinka dala 2, ka tashi da dala 400. A Janairu kallon bai ragu ba, amma RPM ya sauko dala 1.20, sai ka ga dala 240. Ba wanda ya taɓa maka kuɗi. Gwanjon gurbin talla ake yi, masu talla kuwa suna rige-rigen kashe kuɗi a ƙarshen shekara, da an shiga sabuwa sai su ja hannu.

Ƙasar da masu kallo suke ma tana juya lissafin sosai. Bidiyo ɗaya da ya samu karɓuwa inda talla ke da tsada yana iya ɗaga watan gaba ɗaya, wani kuma ya tara jama'a a inda take da arha, a tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. In ka ga kuɗi ya faɗi, ka fara duba daga ina aka kalle ka, sannan ka leƙa alamar dalar da ke gefen kowane bidiyo. Idan ta koma rawaya, an taƙaita tallan da ke hawa kansa ke nan, kuma kana da damar neman a sake dubawa.

Biyan kansa bai taɓa ba ni wahala ba. AdSense, tsarin Google da ake biyan kuɗin ta cikinsa, na turawa tsakanin ranar 21 da 26 ga wata, muddin ka kai dala 100. In ba ka kai ba, a haɗa maka da na wata mai zuwa. Shi ya sa ƙaramar tasha kan yi wata biyu ko uku shiru, alhali kuɗinta na nan yana taruwa.