LOOT ko kashe rabi-rabi: wanne ke gano abin da ke kashe Skyrim tun daga ƙofa?

"Salam 'yan'uwa. Skyrim Special Edition ɗina na mutuwa da zarar tambarin Bethesda ya wuce, ko menu ban gani. Mod 180 ne a Mod Organizer 2, yawancinsu na kwafo su ne da filashi daga wani abokina a Kongo. Wasu sun ce in danna LOOT kawai, wasu sun ce in riƙa kashe rabi ina gwadawa. Wanne zan bi?"

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Duka biyun suna da amfani, sai dai ba ciwo ɗaya suke gani ba, kuma zancen filashin da ka yi ya sa na fi zargin ciwon da LOOT ba ya warkarwa.

LOOT aikinsa a kan fulogin yake, wato fayilolin .esm, .esp da .esl da ke ɓangaren dama na Mod Organizer 2. Kowane fulogin yana ɗauke da sunayen waɗanda ya dogara da su, su ake kira masta. Idan masta ba ya nan, ko ya zo bayan wanda ke buƙatarsa, gem ɗin zai fita tun kafin menu, ba tare da ya ce maka komai ba. A nan LOOT ba shi da na biyu: cikin minti ɗaya zai jera su, ya nuna maka da ja wane fulogin ne ke neman wane masta. Ko ba ka buɗe shi ba, Mod Organizer 2 na sa alamar gargaɗi a gefen irin wannan fulogin. Wanda ya fi yawa shi ne facin da aka yi don haɗa mod biyu, alhali ɗaya kawai ka sa. Haka kuma sababbin fitowar Unofficial Skyrim Special Edition Patch suna neman fayilolin Creation Club na kyauta, irin su ccBGSSSE001-Fish.esm, waɗanda tsohon gem ba ya zuwa da su. Iyakar fulogin cikakku 254, ba kai ta shafa ba tukuna.

Amma iyakar LOOT ke nan. Ba ya taɓa ɓangaren hagu, inda ake yanke fayil ɗin wane mod ne zai danne na wane. Kuma jera fulogin ba ya gyara fayil ɗin .dll da aka gina don wata lambar gem daban. Za ka ga komai ya yi tsaf, ka kunna, ya sake mutuwa a wuri guda.

Kashe rabi-rabi kuwa bai damu da irin ciwon ba. Ka kashe 90, ka kunna; in ya kai menu, mai laifin na cikin waɗanda ka kashe. Ka sake raba su biyu, haka har ya rage ɗaya. Mod 180 zagaye takwas ne, tunda kowane zagaye na zubar da rabi. Ba ya cin data ko kaɗan, haƙuri kawai yake ci da batirin laftof, don haka ka yi shi lokacin da wuta ta zauna.

Sai dai yana da tarko, kuma na faɗa cikinsa da kaina. Idan rabin da ka kashe ya haɗa da masta, ka bar facinsa a kunne, kai da hannunka ka ƙirƙiri sabuwar mutuwa, sai ka zaci mai laifin na cikin waɗanda suka rage. Daga nan duk lissafin ya ɓaci. Shi ya sa ake fara kashewa daga ƙasa zuwa sama, faci kafin uwayensu, ana duba alamar gargaɗi kafin kowace kunnawa. Tarko na biyu: in masu laifin biyu ne, ɗaya a kowane rabi, ko wanne ka kashe zai mutu. Sannan kada ka buɗe tsohon sabin ɗinka ana cikin gwajin, isa menu ya wadatar. Ka kwafi furofayil ɗinka a Mod Organizer 2 ka yi gwajin a kan kwafin, don kada jerinka na asali ya watse.

Ga yadda ta kasance da wani ƙanina a Samaru, wanda shi ma kwafowa ya yi. Mun fara da LOOT, ya kama faci biyu marasa masta, muka kashe su. Gem ya ci gaba da mutuwa. Maimakon mu raba jerin duka, sai muka danna dama a kan SkyrimSE.exe, Properties, sannan Details, muka ga lambar gem ɗinsa 1.6.1170 ce. Abokin da ya ba shi kayan kuwa yana kan 1.5.97, ya hana gem ɗinsa sabuntawa tun kafin sabuntawar Anniversary ta Nuwamba 2021. To ka ga bakin zaren. SKSE, manhajar da ke ɗora wa gem fayilolin .dll na mod, kowace lambar gem da nata: na 1.5.97 shi ne 2.0.20, na 1.6.1170 kuma 2.2.6, ba sa zama a madadin juna. Ƙanin nawa ya sa SKSE daidai, amma Address Library for SKSE Plugins, mod ɗin da yawancin masu .dll ke dogara da shi, wanda ya kwafo na tsohon gem ne. Bambancin na cikin sunan fayil a SKSE\Plugins:

```
version-1-5-97-0.bin
versionlib-1-6-1170-0.bin
```

Na farkon yake da shi, na biyun yake buƙata. Muka sauke daidai ɗin. Sannan muka buɗe wannan log:

```
Documents\My Games\Skyrim Special Edition\SKSE\skse64.log
```

A ciki SKSE ke lissafa kowane .dll da ya yi ƙoƙarin ɗauka. Muka nemi layukan da ke da `disabled` ko `incompatible`, muka samu uku na tsohon gem. Aka sauya su, amma da sauran rina a kaba, don mutuwar ba ta tsaya ba. A nan ne rabi-rabi ya yi rana: mod 14 ne kacal ke da .dll, muka kashe su duka, menu ya fito. Zagaye huɗu a cikin 14 ɗin nan suka fito da guda ɗaya da SKSE ya yarda ya ɗauka amma yake kashe gem ɗin. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma datar da muka ci kaɗan ce, don fayilolin .dll ƙanana ne. Manyan mod na zane da bishiyoyi da suka ci gigabait ba su da ruwa da lambar gem, ba mu taɓa su ba.

Idan kuma gem ɗinka ne tsohon, na abokinka sabo, akwai wani abu dabam. Tun daga 1.6.1130 na Disamba 2023 ana yin fulogin masu sabuwar lambar tsarin fayil 1.71, kuma waɗanda ke amfani da faɗaɗɗen tsarin ESL na ƙananan fulogin na iya kashe tsohon gem sai ka sa Backported Extended ESL Support.

Saboda haka ni dai shawarata, ka fara da LOOT don arharsa, bayan ka ajiye kwafin jerinka, amma karanta jajayen saƙonninsa ya fi danna maɓallin jerawa muhimmanci. In ya yi shiru gem bai tashi ba, kada ka sake danna shi sau biyar, amsar ba za ta canja ba. Ka gwada lambar gem ɗinka da ta abokinka na Kongo, ka karanta skse64.log, sannan ka yi rabi-rabi a kan masu .dll kaɗai kafin ka faɗaɗa zuwa duka 180. Ka sa Crash Logger SSE AE VR ma, yana ajiye rahoton mutuwa a folda ɗaya da log ɗin, sau da yawa da sunan .dll ko fulogin a layukan sama. Turo mana lambar SkyrimSE.exe ɗinka da abin da log ɗin ya ce, mu duba tare.