Kubik 96 a rami, kubik 125 a tifa: ƙasar ramin magudana kafin haƙa da bayan haƙa

Tambaya: "Mun haƙa ramin magudanar ruwa a ƙasa mai yumɓu, tsawonsa mita 30, zurfinsa mita 1.6, faɗin gindinsa mita 0.8, bakinsa kuma mita 3.2. Shugaban leburori ya ce kubik mita 96 suka haƙa, mai tifa kuma ya ce sai ya yi sawu 13 da motarsa mai cin kubik 10. A cikinsu wa ke neman ya cuce ni?"

Bisa alƙaluman da ka kawo, babu wanda ya cuce ka a cikinsu, domin kowannensu abu daban yake aunawa. Shugaban leburori yana auna gurbin da aka buɗe a cikin ƙasa, shi kuwa mai tifa yana auna tsibin da ya fito daga gurbin, kuma tsibi kullum ya fi gurbinsa girma.

Mu fara da lissafin leburori. Ramin da gefunansa suka kishingiɗa ba a lissafa shi da faɗin gindi kaɗai, ba a kuma lissafa shi da faɗin baki kaɗai. Ana haɗa faɗin biyu a raba gida biyu, sannan a ninka da zurfi, a sake ninkawa da tsawo:

```
V = (a + b) / 2 × h × L
V = (0.8 + 3.2) / 2 × 1.6 × 30 = 96
```

A nan a shi ne faɗin gindi, b faɗin baki, h zurfi, L kuma tsawo. Da a ce ramin a tsaye aka yanke shi kamar akwati, da kubik 38.4 kawai za a fitar, wato kishingiɗar gefuna ita kaɗai ta ƙara kubik 57.6, fiye da abin da tsakiyar ramin ta bayar. Wannan ne ya sa mai gini da ya yi kasafinsa da faɗin gindi yakan ga kuɗin haƙa ya ninka ba tare da ya gane dalili ba.

Akwai wuri guda da nake so ka duba da kanka, shi ne yadda aka ɗauki zurfin. Dole ne a ɗora katako miƙaƙƙe a bakin ramin, a saki tef daga gare shi ya sauka a tsaye zuwa gindi. Idan aka kwantar da tef ɗin ya bi jikin gangaren, a raminka zai nuna mita 2 maimakon 1.6, lissafi kuma ya tashi kubik 120, ka biya kuɗin kubik 24 da ba a haƙa ba. Idan kuma filin ba a baje yake ba, sai a auna baki da gindi da zurfi a kowace mita 10, a fitar da yankan kowane wuri, wato matsakaicin faɗin baki da gindi a ninka da zurfi, a ɗauki matsakaicin yanka biyu da ke maƙwabtaka a ninka da tazarar da ke tsakaninsu, daga ƙarshe a tara.

Lissafin mai tifa kuwa daga inda na leburori ya tsaya yake farawa. Ƙasar da ta daɗe a kwance a danne take, amma da zarar diga ta fasa ta, sai ta koma dunƙule-dunƙule, iska ta shiga tsakaninsu. Nauyinta bai ƙaru da komai ba, wurin da take ci ne ya ƙaru, kuma wannan ƙarin shi ake kira kumburi. Yashi yakan kumbura da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ƙasa gama-gari da wajen kashi 25, yumɓu da kashi 30 zuwa 40 saboda manyan dunƙulensa ba sa zama daidai a kan juna, fasasshen dutse kuwa yakan kai kashi 50 ko fiye. Idan muka ɗauki kashi 30 ga ƙasarka, sai a ninka 96 da 1.3, a sami kubik 124.8. Motar kubik 10 za ta cika sau 12 ta bar kusan rabin lodi, wanda shi ma sawu guda ne, ka ga 13 ke nan. Da ka raba 96 da 10 kai tsaye, da sawu 10 za ka yi wa tanadi, ka bar kusan lodi biyu da rabi a jibge a bakin rami.

Saboda haka kuɗin haƙa a kan 96 za ka biya shi, kuɗin kwasa kuma a kan 125. Kuskuren da na fi gani shi ne wanda ake yi idan ana so a koma baya, wato a gane girman rami daga yawan sawun mota. Mutane sukan cire kashi 30 daga 125 su sami 87.5, alhali abin da ya dace shi ne a raba 125 da 1.3, domin a kan 96 aka ɗora kashi 30 ɗin tun farko. Wanda ya yi ta hanyar cirewa ya tauye wa leburori haƙƙin kubik takwas da rabi, kuma a aikin hannu wannan gumi ne mai yawa.

Yana da amfani a jera raminka da irinsa a cikin yashi, domin sakamakon yakan saɓa wa abin da ake zato. A raminka kowane gefe ya ja baya da mita 1.2 a zurfin mita 1.6, wato uku bisa huɗu na zurfin, kuma yumɓu mai tauri wanda bai tsage ba ne kaɗai ke jure wannan. Yashi yana buƙatar ja baya na mita ɗaya da rabi ga kowace mita ta zurfi, don haka bakin ramin zai kai mita 5.6, gurbin kuma ya zama kubik 153.6. Ko da kumburinsa kashi 12 ne kawai, tsibin zai kai kubik 172, sawu 18 a motar nan. Ashe a ramin da aka kishingiɗar da gefensa, gangare ya fi kumburi tasiri a kan kuɗi. Amma ban yarda a miƙe gefen rami don rage sawun mota ba, domin kubik ɗaya na ƙasa yakan haura tan ɗaya da rabi, kuma idan ya rufto wa mutumin da ke sunkuye a gindi, da wuya ya iya fita. Shi ma tsibin a nesanta shi daga baki da aƙalla santimita 60.

Waɗannan kason na kumburi kiyasi ne, danshi da irin kayan haƙa suna sauya su, don haka ya fi kyau ka gwada ƙasarka. Ka sa a haƙa ɗan rami mai rabin mita a tsawo da faɗi da zurfi, wanda gurbinsa lita 125 ne, a riƙa zuba ƙasar a bokitin fenti mai lita 20 ba tare da an danna ba, ana share bakinsa daidai. Idan ta cika bokiti 8, lita 160 ke nan, ka raba da 125 ka sami 1.28, wato kumburin kashi 28. Ita ma motar ka auna tsawo da faɗi da zurfin bodinta, kada ka tsaya ga abin da aka faɗa maka, ka kuma sani cewa jiƙaƙƙen yumɓu yana iya kai mota iyakar nauyinta kafin bodin ya cika, sai sawu ya ƙaru.

Duk wannan lissafin na wanda zai kwashe ƙasar gaba ɗaya ne. Idan za ka gina magudanar siminti a ciki ka mayar da ciko a gefunanta, to ka lissafa kubik ɗin ginin da awonsa na waje, ka ninka shi da 1.3, wannan shi ne kusan abin da mota za ta ɗauka. Sauran ka bar shi a wurin, a mayar da shi hawa-hawa, kowane hawa santimita 15 zuwa 20, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, kuma kada ka kira mota sai an gama cikon an ga ainihin abin da ya rage.