Kaucewa ko harbin wata: hannu ɗaya, hanya biyu

"Yaya, muna buga Hearts da dare a Mabera, ba na kuɗi ba, maki kawai muke rubutawa. Duk ranar da manyan katuna suka taru a hannuna sai in ruɗe wajen miƙa ukun nan. In zubar da su in tsira, ko in riƙe in nemi kwashe duka? Wanne ya fi?"

Ƙanena, bari in ɗora maka hannu guda a kan tabarma mu duba shi ta fuska biyu, don a baki kawai kowace hanya daɗin ji gare ta. Gidajen karta huɗu zan kira su shebur ♠, zuciya ♥, daimon ♦ da kulob ♣. As shi ne babba a kowane gida, sai sarki, sarauniya, jak, sannan 10 har zuwa 2. Kowace zuciya maki 1 ce, sarauniyar shebur 13, jimilla 26 a kowane rabo. Makin nan gudunsu ake yi, sai fa in mutum ɗaya ya kwashe su duka, abin da ake kira harbin wata. Ukun da ake miƙawa kuwa katuna ne da kowa ke ba wani bayan an raba.

Ga abin da aka raba maka. Shebur: as, sarauniya, 4. Zuciya: as, sarki, sarauniya, 9, 3. Daimon: as, sarki, 10. Kulob: sarki da 6.

Mai kaucewa shebur yake fara dubawa, kuma yana da gaskiya, domin rabin makin rabon a kati ɗaya yake. Sarauniya ba ta zama lafiya sai da dogarai, wato ƙananan shebur da za ka riƙa jefawa duk lokacin da aka buɗe gidan don a fito da ita. Ni sai ina da huɗu a bayanta nake samun natsuwa, uku kuma da ɗar-ɗar. A nan biyu ne kawai, 4 da as. Saboda haka mai kaucewa zai miƙa sarauniya da as ɗin shebur, ya haɗa da as ɗin zuciya. Ƙaramin shebur kam ba a ba da shi ko kaɗan, domin wanda ke miƙo maka nasa ukun yana iya turo maka sarkin shebur, ka wayi gari da shi tsirara.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi. Miƙawar zagayawa take yi: hagu, dama, wanda ke gabanka, sai rabo na huɗu da ba a miƙa komai. In sarauniya ta tafi dama, wanda ya karɓe ta kullum kafin kai yake jefa katinsa, sai fa in kai ka buɗe. Ke nan kana iya riƙe as ɗinka, ka ga abin da ya jefa tukuna. Amma ko a nan da sharaɗi: ka jefa as ɗin ne bayan shi ya riga ya jefa wani shebur daban. In kuwa hagu ta tafi, to tana bayanka tana jira, as ɗin ya bi ta.

To amma duba abin da ya rage wa mai kaucewa: sarki, sarauniya, 9 da 3 na zuciya, as da sarki da 10 na daimon, ga sarkin kulob. Wannan ba hannun ɓuya ba ne. Zai ci zagaye ko ya so ko bai so ba, kuma sarauniyar da ya miƙa tana iya dawo masa a kan daimon. A ganina in ya fita da maki 8 ya gode wa Allah.

Mai harbin wata kuma wata tambaya yake yi: wane zagaye ne zan rasa, kuma akwai zuciya a ciki? Kuskuren da na fi gani shi ne a yi saurin miƙa 3 ɗin zuciya, wai ita ce ramin. Ba ita ba ce. In ka riƙe ta, zuciya 5 gare ka, saura 8 a hannun mutum uku. As, sarki da sarauniya za su ja zagaye uku, in an rabu 3, 3 da 2 shi ke nan gidan ya bushe, 9 da 3 ɗinka sun zama sarakuna. In ka miƙa ta kuwa ka ƙara wa wani tsawo ne, kuma ka shaida masa niyyarka, don ba wanda ke ba da ƙaramar zuciya haka kawai.

Ramin gaskiya jak da 10 ne. Duk wanda ke da ɗaya daga cikinsu tare da wasu zuciya uku, zai ba ka ƙananan a zagaye uku na farko, a na huɗu ya danne 9 ɗinka. Na zauna na yi lissafin a takarda: rabuwar 3, 3 da 2 takan faru kusan sau 3 cikin 10, in aka ƙara da lokutan da mai huɗun ba shi da jak ko 10, za a kai wajen sau 4 cikin 10. Gidan zuciya kaɗai ke nan. Ba a yi maganar sarkin shebur da ke waje ba, wanda zai iya hawa kan sarauniyarka, ba a yi ta as ɗin kulob ba.

Yanzu auna riba da asara. In ka kwashe, kowa ya sha 26, kai babu ko ɗaya. In aka tare ka a zagaye na huɗun nan, wanda ya tare ka zai ɗauki maki 2 ko 3, kai ka kwana da 23 ko 24. In aka jera wannan da ɗan makin da za ka sha a kaucewa, harbin sai ya riƙa cin nasara fiye da sau 4 cikin 10 kafin ya biya wahalarsa. Hannun nan, yadda aka raba shi, bai kai ba. Amma bai yi nisa ba, kuma ba ka ga uku da ke tafe ba tukuna.

Shi ya sa ni ba zan ɗauki ko ɗaya daga cikin miƙawar biyu ba. Zan ba da sarkin kulob, 6 ɗin kulob da 10 ɗin daimon. Na yanke gidan kulob ke nan, kuma yankan yana yi wa hanyoyin biyu aiki. Sannan tunda sarauniyar shebur tana hannuna, as ɗin shebur ya daina zama haɗari, ba wanda zai ɗora masa ita. Ya koma dogari: an buɗe shebur na ba da 4, an sake na ba da as, sai a karo na uku za ta fito dole. Kafin nan ina fatan an buɗe kulob na sauke ta a kan wani. Ba a zagayen farko ba, don a dokar da aka fi bi, zagayen da 2 ɗin kulob ke buɗewa ba a jefa katin maki. Haɗarin a fili yake, ana iya cika mini gurbin da wasu kulob ɗin. Na yarda da shi.

Sai ka ɗaga ukun da aka turo maka. A ce sarkin shebur ne, da jak ɗin zuciya, da 10 ɗin kulob, irin kayan da mai kaucewa ke zubarwa. Ƙirga: as, sarki da sarauniyar shebur uku, as da sarkin daimon biyu, zuciya shida. Zagaye 11 ke nan cikin 13. Jak ɗin nan shi ya canza komai, domin yanzu sai wanda ke da zuciya biyar daga cikin 7 da suka rage, har da 10 a ciki, ko wanda ya tara shida, shi zai iya tare ka, kuma da wuya a samu. Wannan hannun a harba.

Aikin duk yana kan katuna biyun da ba sa ci. 10 ɗin kulob zai tafi a zagayen farko, inda babu maki. 4 ɗin shebur ya tafi a na biyu ko na uku, tun kowa yana da gidan a hannunsa, tun ba wanda zai sami damar zubar da zuciya a kai. In aka sake buɗe kulob, 4 ɗin za ka jefa. In daimon aka buɗe ka ci, kai da kanka ka buɗe da 4 ɗin nan take, za a ɗauka sarauniya kake farauta kamar kowa. Daga nan da zarar buɗewa ta dawo hannunka, kada ka sake ta: daimon, shebur manya, sarauniya, sannan zuciya daga sama. Ko ba a fasa zuciya ba, wato ba wanda ya jefa ta tukuna, in ita kaɗai ta rage maka kana da ikon buɗewa da ita.

In kuwa abin da ya zo jak da 8 na kulob ne da 7 ɗin daimon, to ka manta da wata. Ramuka sun yi yawa. Jak ya tafi a zagayen farko, 8 a kulob na biyu, sarauniya ta sauka a na uku in shebur bai riga ya matsa maka ba. As da sarkin daimon ka ci da su da wuri tun zagayen yana da tsabta, ka adana 7 da 3 ɗin zuciya, su ne ƙofar fitarka a ƙarshe. Haka nan ko da ka fara harbi, da ka ga zuciya ɗaya ta faɗa hannun wani, magana ta ƙare, ka juya ka fara sauke kaya.

Kafin duk wannan, dubi takardar maki, domin wasa yana tashi ne da wani ya kai 100, mai ƙarancin maki ya ci. A ce kana da 70, wanda ke gaba yana da 40, wani yana da 80. Ka harba ka kwashe, mai 80 ya koma 106, wasa ya tashi, mai 40 ya koma 66, kai kana nan a 70. Ka sha wahala ka ba wani nasara. Wasu majalisun suna barin mai harbi ya zaɓi a rage masa 26 maimakon a ƙara wa sauran, to ku daidaita a kan wannan tun kafin a raba. In kai ne a gaba da tazara, ko hannun ya yi kyau ba ka da buƙatar kasada. Wanda aka bari a baya, alhali ba wanda ya kai 74, shi ne harbi ya fi yi wa amfani.

Kuma ka tuna na kusa da kai ma tunanin da yake yi ke nan. Ranar da hannunka ƙanana ne, saka zuciya matsakaiciya kamar 8 cikin ukun da za ka miƙa, kai kuma ka riƙe wadda ta fi ta tare da ƙanana biyu ko uku da za su tsare ta. In ka ga mutum ya ci sarauniyar shebur bai ko yamutsa fuska ba, ya ci gaba da buɗewa da manya, ka nemi zagaye ɗaya mai zuciya ka ɗauke, ko da maki 4 zai ci maka.