Bakin taga ko inuwar tsakar gida?

"Don Allah 'yan uwa, ina sayar da humra da atamfa, amma hotunan da nake ɗauka da waya duhu suke yi, kala ma ba ta fita daidai. A ɗaki bakin taga ya fi ko in fita tsakar gida?"

'Yar uwa kayanki biyu ne kuma kowanne da inda yake so, ni duka na gwada.

Humra dai bakin taga. Kwalba ce, in kika kai ta waje sararin sama gaba ɗaya zai fito a jikin gilashin, har ke da wayarki, rubutun jiki ya ɓace cikin ƙyalli. A taga kuwa haske ta gefe ɗaya yake zuwa. Ki ja teburi kusa da tagar da rana ba ta shigowa kai tsaye, ki samu farin kwali irin na 'yan makaranta ki manna rabinsa a bango rabi ya kwanta kan teburin ba tare da kin karya shi ba, sai layin kusurwar nan ya ɓace. Tagar ta kasance a hagunki ko dama, kar ta zama bayan kwalbar, nan duhun yake fitowa. Ɗaya gefen in ya yi duhu ki tsayar da wani farin kwalin ya maido hasken. Kuma ki kashe ƙwan ɗaki, shi ke haɗuwa da hasken rana kala ta rikice.

Atamfa kuma taga ba ta isarta, yadi shida ne, gefen taga ya yi fes can ƙarshen ya yi duhu kamar kala biyu. Tsakar gida za ki kai ta, inuwar katanga, da safe kamar takwas zuwa tara ko bayan la'asar. Amma fa ba ƙarƙashin darbejiya ba, ganye na watsa mata tabo-tabon rana. Bango mai fenti ma ki guje shi, na taɓa ɗaukar farar shadda kusa da koren bango, mai saye ta ce ai ba wannan ta gani ba, sai da na maida mata kuɗinta. Farin zanin gado za ki shimfiɗa, a goge, don ko ɗan yamutsi sai ya fito.

Abu ɗaya duk inda kika ɗauka: waya in ta ga fari da yawa rage haske take da kanta, shi ya sa kwalinki ke komawa ruwan toka. Ki taɓa kayan a sikirin, alamar rana za ta fito, ki ɗaga ta kaɗan har kwalin ya yi fari, da kin ga zanen atamfar ya fara wankewa kin wuce, ki sauko. Kwalba kuma kar ki cusa mata waya, kai zai yi ƙato gindi ya tsuke, ki ja baya ki danna 2x.

Ki goge idon kyamarar tukun, hannun mai humra ba ya rasa maiƙo.