Gam ɗin Tayil ko Siminti da Yashi: Wanne Za Ka Saya Wa Falonka?

In tayil ɗin da ka saya irin mai ƙyalli ne, wato fosilin mai santimita 60 kowane gefe, gam ɗin tayil za ka nema, kada mai aiki ya ruɗe ka da zancen "ai da siminti muka saba". Fosilin kusan ba ya shan ruwa, abin da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, siminti kuwa sai ya samu inda zai tsotsu sannan yake kamawa. Shi ya sa bayan wani lokaci za ka taka tayil ka ji yana ƙara kamar ganga, daga nan sai tsagewa. Siminti da yashi yana da araha kuma yana gyara daɓen da bai daidaita ba, amma a bar shi ga ƙananan tayil masu shan ruwa. Gam na bokiti wanda aka riga aka kwaɓa kuwa na bango ne, ba ya bushewa a ƙarƙashin babban tayil.

A jikin buhun gam ka duba alamar C1 ko C2. Ni C2 nake so wa fosilin, don ya fi kamu, in ma ka samu C2TE ka huta. Harafin T na nufin tayil ba ya zamewa a kansa, E kuwa na nufin gam ɗin yana jira minti 30 bayan an shimfiɗa shi, maimakon minti 20. A zafin bazara ko iskar hunturu ko wannan lokacin ba ya cika, saboda haka mai aiki ya riƙa shimfiɗa na tayil biyu ko uku kawai, ya taɓa da yatsa. In bai manne a yatsa ba ya yi fata, a kankare shi a sa sabo.

Mu ɗauki falo mai mita 4 da mita 5. Kwali ɗaya na irin wannan tayil guda huɗu ne, don haka kwali 16 zai ishe ka har da na yanka. Da cokalin gini mai haƙora na milimita 10, buhu mai kilo 20 yana rufe murabba'in mita huɗu zuwa biyar. Buhu biyar ke nan, amma ka sayi shida, domin babban tayil yana son a ɗan shafa masa gam a baya. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, kimanin lita biyar ga buhu ko abin da aka rubuta a jikinsa, sannan gari. A kwaɓa, a bar shi minti biyar, a sake juyawa. In ya fara tauri a bokiti kada a ƙara ruwa, ya riga ya mutu. Kuma kada ka yarda a ɗiga shi a kusurwa huɗu da tsakiya don a yi tattali, nan ne ƙafar kujera take fasa tayil.

Inda ake cutar mutane shi ne jabu. Akwai masu haɗa siminti da yashi mai laushi su ɗura a buhun gam su ɗinke. Ido ba ya rabe su, sai hannu. Kafin ka kwashi buhu shida, sayi ɗaya ka kwaɓa kaɗan: na gaske yana da danƙo, yana riƙe cokali ko ka juya shi, layin haƙoran cokali yana tsayawa bai zube ba. Na jabu garas-garas yake, ruwa yana tasowa samansa. Ka manna gutsuren tayil a kan bulo, bayan kwana biyu ka gwada ɓamɓarewa. Ka duba ɗinkin bakin buhu da ranar da aka yi shi, buhun da ka ji ƙulalai a ciki kuma ya sha danshi a shago. Wata cutar a gidanka ake yin ta: mai aiki ya surka gam ɗinka da siminti don ya yi auki, ragowar buhunan su bi shi gida. Ka ƙirga buhunan da aka buɗe kowace yamma.

Tazara tsakanin tayil a sa milimita 3 da 'yan robobin giciye, a bar wajen milimita 5 a jikin bango, tayil na gindin bango zai rufe. Masu son a haɗe tayil ƙam ba layi, in zafi ya buɗa shi ba inda zai motsa sai sama. Garin cike layi na gaske kilo biyar ya ishi wannan falon har da saura. Farin siminti tsagewa yake yi ya yi baƙi, ifoksi kuwa, wato abin cike layi na sinadari mai kama da roba, tsadarsa ta fi ƙarfin falo.

A bar gam awa 24 ba mai takawa, a cire robobin, a cusa garin cikewa har ƙasan layi, a goge da soso mai ɗan danshi kafin ya bushe a fuskar tayil. A ƙara awa 24 kafin a fara shiga, kaya masu nauyi kuma su jira mako guda. In daɓen sabo ne, a ba shi kamar mako huɗu tun kafin a fara sa tayil.