Wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwashe fayil: me ya tsira?

"Salamu alaikum. Ina Garwa. Ina kwashe bidiyon biki guda 40 daga kwamfuta zuwa filash da `Couper` da `Coller`, sai wuta ta ɗauke, batirina kuma matacce ne. Yanzu wasu na nan, wasu na can. Na yi asara ne?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka goge komai tukuna.

Da a cikin faifai ɗaya ka yi aikin, daga wata folda ta `C:` zuwa wata, bidiyon ba ya motsawa ko kaɗan. Adireshinsa kawai ake canzawa a rajistar faifan, shi ya sa fayil mai giga 4 ke tafiya nan take. In wuta ta katse, za ka same shi ko a tsohon wuri ko a sabo, cikakke, domin NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayil da shi a faifansa, na rubuta abin da zai canza kafin ya canza shi.

Naka daban ne. Tsakanin faifai biyu, Windows na kwafar fayil, sai ya gama sannan ya goge na asali, ɗaya bayan ɗaya. Haka ma daga `C:` zuwa `D:`, ko da ƙarfe ɗaya aka raba biyu. A ce a kan na 18 wutar ta tafi: na 1 zuwa 17 na filash, na 19 zuwa 40 ba a taɓa su ba, na 18 kuma yana wuri biyu. Na kwamfutar shi ne lafiyayye. Na filash guntu ne, kuma girmansa na iya ruɗinka, don Windows kan kama masa cikakken wuri tun farko. Buɗe `cmd` ka gwada su haka, ka sa sunan fayil ɗinka da harafin filash ɗinka a madadin waɗannan:

```
fc /b C:\biki\18.mp4 E:\18.mp4
```

In ya jero bambance-bambance, goge na filash ka sake kwafa.

Ni dai na 17 ya fi damuna. Wani lokaci ana goge na asali alhali ƙarshen kwafin bai gama zama a filash ba, kuma FAT32 ko exFAT da yawancin filash ke zuwa da su ba su da wannan kariya ta NTFS. Buɗe na 16 da na 17, ka ja su har ƙarshe. In ɗaya ya ƙi buɗewa ko ya tsaya a hanya, daina ajiye komai a `C:`, domin manhajar dawo da fayil na iya ceto na asalin muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba.

Da a ce `Copier` ka yi, da duka 40 na nan a kwamfutarka, abin da za ka rasa lokaci ne kawai. Sauran 23 ɗin ka kwafe su haka, ka gwada, ka danna `Éjecter`, sannan ka goge na asali da hannunka.