Goge gidajen da babu amsa ko cike gurbinsu: wanne ya fi?

"Salam 'yan uwa. Na tattaro bayanan gidaje 600 a ƙauyukan Daura, zan yi rigireshan na kuɗin abinci a kan kuɗin shiga da Stata. Gida 90 ba su faɗi kuɗin shigarsu ba, wasu biyar kuma nasu ya fita zakka, har miliyoyi. In goge su ne ko in cike?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki cike, amma sai kin gama da biyar ɗin nan tukuna.

Gogewa na da sauƙi, wannan kaɗai zan yaba mata. Ko ba ki ce komai ba, `regress` zai watsar da duk layin da ke da gurbi, ki tashi da gida 510. Da goma ne suka ɓace, da sai in ce ki wuce abinki. Amma 90 kashi 15 cikin ɗari ne, kuma a ƙasarmu ba haka kawai mutum ke ƙin faɗin samunsa ba. Mai garken shanu yakan yi shiru don gudun haraji ko bakin mutane, matar da maigidanta ya tafi cin rani kuma ba ta san adadin ba. In kin goge su, kin cire wani rukuni na jama'a ne sukutum. Ki gwada ki gani: kwatanta kuɗin abinci da yawan dabbobi na gidajen da suka amsa da na waɗanda ba su amsa ba. In akwai tazara, gogewa na iya karkatar da sakamakonki.

Ni cikewa da `mi impute` ce ta fisshe ni lokacin da nake nawa aikin a Katsina, kuma har yau ina ganin darajarta. Da farko matsakaicin kuɗin shiga na zuba a kowane gurbi. Malamina na duba hoton bayanan ya nuna mini ɗigo-ɗigo sun jeru a layi ɗaya kamar an ja da igiya. Mai babur da mai tirela duk na ba su samu ɗaya, dangantakar abinci da kuɗin shiga ta raunana. Sai na koma ga wannan, inda layin farko ke mayar da 999 da -99, lambobin da ke nufin babu amsa, su zama gurbi:

```
mvdecode income, mv(999 -99)
gen lninc = ln(income)
gen lnfood = ln(food)
mi set mlong
mi register imputed lninc
mi impute pmm lninc lnfood hhsize educ cattle, knn(5) add(20) rseed(123)
mi estimate: regress lnfood lninc hhsize educ
```

Abin da `pmm` ke yi shi ne, ga kowane gidan da ke da gurbi, ya nemo gida biyar da suka fi kama da shi cikin waɗanda suka amsa, ya ari lambar ɗayansu. Yana maimaitawa sau 20, sannan `mi estimate` ya haɗa sakamakon tare da lissafa rashin tabbas na cikewar. Kada ki cire kuɗin abincin daga layin cikewa don wai shi kike son bayyanawa. Cire shi ne ke ɓata aikin. Iyakarta dai, in attajirai sun yi shiru ne saboda arzikin kansa, ba za ta gyara duka ba. Shi ya sa na sa shanu a ciki, don su ba da haske.

Dalilin da na ce ki fara da biyar ɗin: cikewa aro take yi, in lambar kuskure na nan za ta raba ta ga wasu gidaje. Ki buɗe takardun asali. A nawa, na tarar da gidan da aka rubuta ya ci buhu 40 na gero, ashe tiya 40 ce, wato kusan buhu ɗaya. Wani kuma sifili ne ya ƙaru. Irin waɗannan gyara su ake yi, in ba a gano gaskiyar ba a mayar da su gurbi. Amma dillalin shanu na kasuwar Mai'adua zai iya juya miliyoyi da gaske, kuma shi ma ɗan yankin ne. Ki bar shi. `ln` zai rage masa rinjaye. Ki yi lissafin da shi, ki sake yi ba shi, ki rubuta duka biyun.

Tarko biyu a Stata: tana ɗaukar gurbi a matsayin lamba mafi girma, don haka `drop if income > 5000000` zai kwashe har gidajenki 90. Gidan da ya ce sifili kuma, `ln` zai mayar da shi gurbi, a cike masa kuɗin da bai da shi.

Sai ki yi hattara da masu tallar "muna yin babi na huɗu cikin kwana biyu". Na taɓa ba wani kuɗina, ya kawo sakamako mai kyau kamar a lasa, ashe goge gidaje ya yi ta yi har lissafin ya ba da abin da nake so. In dole sai kin ba wani, ki ce ya miƙo miki `do-file` ɗinsa, ki duba `Number of obs` ki ga ko 600 ɗinki na nan.